Tikitin fam 48 daga Landan zuwa Milan: arha ne da gaske, ko sai an gama lissafi?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya a kan wata tafiya da zan yi a hutun ƙarshen zango. Yayana yana zaune a Milan, matarsa ta haihu, kuma ina so in je suna in kwana biyar. Na duba tikiti daga Landan, sai na ga Ryanair daga filin Stansted zuwa filin Bergamo da ke wajen Milan a kan fam 48 zuwa da dawowa, British Airways kuma daga Heathrow zuwa filin Linate na Milan a kan fam 138, ko fam 178 idan ina son akwatin da za a saka a cikin jirgi. A idona bambancin ya kai fam 90 ko fiye, wanda kuɗin cefanen mako biyu ne a wajen ɗalibi irina. Sai dai wani abokin karatuna ya ce kada in yi saurin murna, domin kafin in gama biyan na kaya da na cekin, wato rajistar shiga jirgi, da na kati zan iya tarar da cewa ba wani abin kirki na rage ba. Zan tafi da kayan sawata na kwana biyar, da kayan jariri, da atamfa turmi biyu na mai jego. Fasfona na Najeriya ne, kuma bizar Shengen tana hannuna.

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya raya abin da aka samu. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma bai gama maganar ba, domin ba kullum ne lissafin yake faɗawa gefe ɗaya ba. Na yi shekaru ina yanka wa mutane tikiti, kuma abin da na koya shi ne kada a kwatanta farashin da ke shafin farko, a kwatanta abin da zai fita daga aljihu tun daga ƙofar ɗakinka har ƙofar gidan yayanka, da kayan da za ka ɗauka a zahiri, ba kayan da kake fatan za ka iya takaitawa ba.

Fam 48 ɗin nan kujera ce kawai da ƙaramar jaka guda wadda za ta shige ƙarƙashin kujerar gabanka. Girman da Ryanair ya yarda da shi kyauta shi ne santimita 40 da 30 da 20, kuma ko shi ma a 2025 aka ɗan faɗaɗa shi, a da 40 da 25 da 20 ne. Jakar goyo ce irin ta 'yan makaranta, ba ƙaramin akwati mai taya ba. Idan kana son ƙaramin akwati mai taya ya shiga tare da kai ka ɗora shi a saman kujera, sai ka sayi abin da shafinsu yake kira Priority & 2 Cabin Bags, wanda ya ba ka kilo 10 a girman 55 da 40 da 20. Idan kuma babban akwati ne, sai ka sayi na kilo 20 a miƙa shi a kantar kamfanin a filin jirgi. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗin tafiya ɗaya ne, ba na zuwa da dawowa ba, kuma farashinsu yana hawa da sauka kamar na tikitin kansa, gwargwadon rana da hanya da yawan masu saye.

Saboda haka ka koma shafin, ka bi shi har matakin biya ba tare da ka biya ba, ka kawo mana abin da aka rubuta a kan akwatin kilo 20 da na kilo 10. Ka kuma faɗa mana ƙarfe nawa jirgin yake tashi, da unguwar da kake zaune a Landan, da inda yayanka yake a Milan. Sai mu yi lissafin tare.

Alhaji na Bradford:
Ni dai shawarata gajeriya ce, yaro, ka sayi na babban kamfani ka huta. Na daɗe a ƙasar nan, kuma na san halin masu arhar nan. A babban kamfani komai yana cikin tikiti: akwatinka, abincinka, kujerarka, babu mai sake tambayarka ko sisin kwabo. Su kuwa masu arha, bayan sun caje ka kuɗin kaya, a ƙarshe idan ka zo biya sai su ɗora maka kashi 2 cikin 100 don ka yi amfani da kati, alhali babu wata hanyar biya sai katin. Hausawa suka ce arha ba ta ado.

Baban Ilham:
Ranka ya daɗe, Alhaji, abin da ka faɗa haka yake a da, amma abubuwa biyu sun canja. Na farko, kuɗin kati. Tun daga 13 ga Janairun 2018 doka ta hana ɗora wa mai saye ƙarin kuɗi don ya biya da katinsa na banki na yau da kullum, a Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai. Katin kamfani bai shiga hanin ba, amma ɗalibi mai katin bankin Birtaniya ba zai ga wannan cajin ba. Akwai wata kafa da kuɗi ke zurarewa a wajen biya, wadda ta shafi canji, zan zo kanta idan ya kawo alkaluman.

Na biyu, babban kamfani a gajeriyar tafiya cikin Turai ba shi ne wanda ka sani a hanyar Abuja ba. Fam 138 da ya gani shi ne Economy Basic, kuma babu akwatin da ake miƙawa a cikinsa, shi ya sa ya ga wani farashin na fam 178. Abinci kuma British Airways ya daina bayar da shi kyauta a ƙaramar kujera ta gajerun tafiye-tafiye tun farkon 2017. Yanzu ruwan gora ne da ɗan abin taɓawa, sauran sai ka saya. Kujera ma a wannan farashin su ne za su zaɓa maka, idan kana son ka zaɓa da kanka ka biya. Wato su ma sun koyi rarraba tikiti gunduwa-gunduwa.

Inda har yanzu suka bambanta sosai wuri biyu ne. Cekin a kanta kyauta ne a wajen British Airways. Sannan kayan hannu da suke bari ka shiga da su kyauta suna da yawa: akwati mai girman 56 da 45 da 25 wanda nauyinsa zai iya kaiwa kilo 23, muddin za ka iya ɗaga shi da kanka ka ɗora a sama, da kuma ƙaramar jaka ta biyu. Ka riƙe wannan, ƙanena, domin a nan lissafinka zai iya juyawa.

Alhaji na Bradford:
To, na karɓi gyara a kan kati, da ma rabona da in saya da kaina an daɗe, yara ne suke saya mini. Amma ban janye ba a kan sauran. Mutum ya biya kuɗinsa a karɓe shi da mutunci ya fi a tsayar da shi a gaban jama'a ana auna jakarsa kamar ya sato ta.

Maman Sultana:
Maganar auna jaka ta tuna mini da abin da ya same ni bara, kuma laifin rabi nawa ne. Na hau ɗaya daga cikin masu arhar nan zan je wajen ƙanwata, ba zan faɗi sunansa ba. Na biya kuɗin ƙaramin akwati tun wajen sayen tikiti, na auna nauyinsa a gida bai kai kilo 10 ba, hankalina kwance. Abin da ban auna ba shi ne kaurinsa. Akwatin irin mai zif biyu ne da ake buɗewa ya ƙara ciki, kuma na buɗe shi don turaren wuta da wasu lesuka su samu wuri. A ƙofar shiga jirgi wata ma'aikaciya ta nuna mini wannan kejin ƙarfe da suke ajiyewa, ta ce in saka. Ya shiga rabi ya tsaya, tayoyin suna sama. Na danna, na zauna a kansa, na cire lesi guda na yafa a kafaɗa a kan mayafina, Sultana tana ja mini hannu tana cewa Mama mutane suna kallo. Duk da haka hannun akwatin ya leƙo. A nan take aka miƙo mini na'urar kati, kuma abin da na biya ya fi kuɗin tikitin zuwa gaba ɗaya, ga kuɗin da na riga na biya na akwatin bai dawo ba.

Abin da nake so ɗan'uwanmu ya gane shi ne awon yana haɗawa da taya da hannu da aljihun gefe da ya kumbura. Ka ɗauko abin awo na tela ka auna akwatin bayan ka cika shi, ba lokacin da yake fayau ba.

Ɗan Damagaram:
Tunda ana maganar masu arha, ni ma ina da tambaya. Zan taso daga Yamai in sauka Faris, daga nan ina so in wuce Milan. Na ga idan na yanki tikitin Yamai zuwa Faris daban, sannan na yanki na mai arha daga Faris zuwa Milan daban, ya fi sauƙi da kusan yuro 100 a kan in yanka duka a haɗe. Awa uku ne tsakanin saukata da tashin na biyun. Ashe ba shi ke nan ba?

Baban Ilham:
Malam, taka tambayar daban ce da tasa, kuma haɗarinta ya fi yawa. Da farko duba sunan filin da ke kan tikiti na biyu. Jirgin da zai kawo ka daga Yamai a ɗaya daga cikin manyan filayen Faris zai sauka, Ryanair kuwa daga Beauvais yake tashi, wanda ke da nisan kusan kilomita 85 daga Faris, kuma awa uku ba za su ishe ka ba ko kusa. Ko da filin ɗaya ne, tikiti biyu daban yana nufin sai ka bi layin shige da fice, ka jira akwatinka, ka sake kai shi kanta kafin a rufe. Idan jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, kamfani na biyu bai san da zamanka ba, a wajensa kai fasinja ne da bai zo ba, sabon tikiti za ka saya a farashin ranar. Sannan akwatunan da ka taso da su daga gida masu kilo 23 sai ka sake biya musu, kuma idan abin da ka saya na kilo 20 ne za a caje ka kowane kilo da ya haura. Yuro 100 ɗin nan da wuya ya tsira. A tikiti ɗaya kuwa kayanka suna wucewa kai tsaye, kuma idan an makara nauyin kamfani ne ya saka ka a jirgi na gaba.

'Yar Zongo:
Ina jin an ɗan yi wa masu arha rashin adalci a nan. Ni a shekara nakan hau su sau shida ko bakwai tsakanin Landan da Jamus, kuma ban taɓa biyan ko fam ɗaya a kan abin da na gani a shafin farko ba. Jakar goyo ɗaya nake ɗauka, ina yin cekin a waya tun ina gida, ba na zaɓen kujera, ina cin abincina kafin in fito. Dokokinsu a rubuce suke, ba ɓoye su aka yi ba. Wanda ya tafi da kaya kaɗan me zai sa ya biya kuɗin ɗaukar akwatin wani? A tsohon tsari kowa yana biyan kuɗin akwati da abinci a cikin tikiti, ko ya ci ko bai ci ba. Kuma kada mu manta da a ce babu su, da babban kamfanin ma ba zai sauko zuwa fam 138 ba.

Sai dai na yarda cewa tafiyar suna ba irin tawa ba ce. Ba a zuwa barka hannu rabbana.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Baban Ilham da kowa. Na koma na bi shafin har ƙarshe. Akwatin kilo 20 fam 30 ne kowace tafiya, na kilo 10 mai shiga da shi ciki kuma fam 18 kowace tafiya. Jirgin mai fam 48 yana tashi ƙarfe shida da rabi na safe, na tsakar rana ya fi shi tsada da fam 25. Ina zaune a Finsbury Park, yayana kuma bai da nisa da tsakiyar Milan. Na duba bas zuwa Stansted na ga fam 24 zuwa da dawowa, jirgin ƙasa ya fi haka. Yayana ya ce bas daga Bergamo zuwa babbar tashar Milan zai ci mini kamar yuro 12 kowace tafiya. Kayana kuma na ɗora su a kan ma'aunin banɗaki, kilo 16 ne.

Baban Ilham:
Madalla, yanzu muna da abin lissafi. Kilo 16 ya wuce na kilo 10, saboda haka a mai arha dole ne akwatin kilo 20, fam 60 zuwa da dawowa. Tikiti ya koma fam 108. Ƙara fam 24 na bas ɗin Stansted, da yuro 24 na bas ɗin Bergamo, wanda ya kai kimanin fam 20. Jimla fam 152 ke nan, kuma wannan idan ba ka zaɓi kujera ba, ba ka yi kuskure ko ɗaya ba, kuma ka yarda da jirgin asuba.

Yanzu ɗaya gefen. Daga Finsbury Park jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly yana kai ka Heathrow kai tsaye ba canji, mu ce fam 12 zuwa da dawowa. Linate kuma a bakin gari yake, kilomita 7 ko 8 daga tsakiya, kuma layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na M4 yana kai ka San Babila da ke tsakiyar gari cikin kusan minti goma sha biyu da tikitin gari na yau da kullum, kamar fam 4 zuwa da dawowa. Idan ka sayi na fam 178 mai akwati, jimla fam 194, wato mai arha ya fi shi sauƙi da fam 42, ba fam 130 da shafin farko ya nuna ba. Amma ka tuna abin da na ce ka riƙe. Kayanka kilo 16 ne, tufafi ne da atamfa, abubuwa masu naɗuwa. Idan za su shige akwati mai girman 56 da 45 da 25 tare da jaka ta biyu, ba ka bukatar na fam 178, na fam 138 ya ishe ka. Jimla fam 154. Bambancin ya koma fam 2.

Ba ina nufin kullum haka yake ba. Da jakar goyo kawai za ka ɗauka kamar 'Yar Zongo, da mai arha fam 92 ne gaba ɗaya, ɗayan yana nan a fam 154, kuma babu gardama a kan wanda ya yi nasara. Da kuma a gabashin Landan kake, kusa da Stratford, ko da yayanka a garin Bergamo yake zaune, da kuɗin mota ya juya ya goyi bayan mai arha. Nauyin kaya tsakanin kilo 10 da 23 da kuma inda filayen suke su ne suka cinye ratar a taka tafiyar.

Sai batun cekin, wanda ba ya cikin lissafin sama domin ana iya kauce masa gaba ɗaya, amma shi ne mafi zafi idan ya kama mutum. A Ryanair, wanda bai sayi kujera ba ana buɗe masa cekin na intanet awa 24 kafin tashi, a rufe awa 2 kafin tashi. Wanda ya iso fili bai yi ba zai biya fam 55 ko yuro 55, kowane mutum, kowace tafiya. Ga jirgin shida da rabi, ƙarfe huɗu da rabi na asuba ƙofar ta rufe, lokacin kana cikin bas kana gyangyaɗi. Na dawowa ne ya fi kama mutane, domin ana cikin hidimar suna, waya ba caji, babu wanda ya tuna. Mantuwa ɗaya ta mayar da fam 152 zuwa 207. Tun Nuwamban 2025 kuma takardar shiga jirginsu a manhajar waya take, ba a buga ta a takarda, sai dai sun ce wanda ya riga ya yi cekin sannan wayarsa ta mutu za a ba shi takarda a fili ba tare da caji ba.

Maman Sultana:
Baban Ilham, ka manta ba ka faɗa masa batun fasfo ba. Mu masu koren fasfo ba ma wucewa kai tsaye kamar masu na Turai.

Baban Ilham:
Gaskiyarki, Hajiya, na gode. A ƙa'idar Ryanair, wanda fasfonsa ba na ƙasashen Turai ba ne ana iya bukatar ya fara zuwa kanta a duba bizarsa kafin ya wuce wajen binciken tsaro, ko da ya yi cekin a waya kuma ba shi da akwatin miƙawa. Ba a biyan kuɗi a kan wannan, amma layi ne, kuma wanda ya tsallake shi yana iya isa ƙofar jirgi a hana shi shiga. Tunda kai za ka miƙa akwati, a kanta ɗaya za a yi duka, kuma ana rufe karɓar kaya minti 40 kafin tashi. Ka karanta abin da manhajar ta rubuta maka bayan cekin.

Ga kuma batun canji da na yi alkawari. Tikitin da ya fara daga Landan da fam ake sayar da shi, katinka ma na fam ne, saboda haka babu matsala. Matsalar tana zuwa ne idan ka sayi na dawowa shi kaɗai daga Italiya, ko ka ƙara akwati a kan tikitin da aka yanka da yuro. A matakin biya shafin yana iya nuna maka kuɗin an riga an juya shi zuwa fam da canjin kamfanin, da sunan sauƙaƙa maka, kuma wannan canjin yawanci ya fi na bankinka tsada. Yadda za ka gane shi ne ka ga farashin da ka fara gani da yuro ya koma fam a ƙarshe. Ka nemi wurin da ake ƙin amincewa, ka biya da yuro, bankinka ya yi canjin. Wasu bankunan Birtaniya su ma suna cire kusan kashi 3 cikin 100 a kan sayayya da kuɗin waje, wasu ba sa cire komai, saboda haka ka san irin katin da ke hannunka.

Alhaji na Bradford:
To kun gani. Fam 2 ne, kuma a kan fam 2 yaro zai tashi ƙarfe biyu na dare ya tsaya a tashar bas cikin sanyi. Sannan idan aka soke jirgin, su wa za su kula da shi? Masu arha ba sa biyan diyya.

'Yar Zongo:
A nan kam, Baba, ba haka ba ne. Dokar diyya ba ta san mai arha da mai tsada ba. A tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, kamar Landan zuwa Milan, idan an isa a makare da awa 3 ko fiye kuma laifin kamfani ne, ba mummunan yanayi ko makamancinsa ba, diyyar fam 220 ce a dokar Birtaniya, yuro 250 a ta Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004. Mai tikitin fam 24 zai karɓi daidai da mai tikitin fam 200. Abin da ake iya cewa shi ne a hanyar da mai arha yake zuwa sau biyu ko uku a mako, idan an soke sai mutum ya daɗe yana jira, amma Stansted zuwa Bergamo hanya ce da suke bi sau da yawa a rana.

Kuma ina da ja a kan lissafin Baban Ilham. Ya ɗauka akwatin hannun zai shiga ciki lafiya, amma idan jirgi ya cika su ma manyan suna karɓar akwatunan hannu a ƙofa su saka a ƙasa. Sannan kilo 16 a cikin akwati mai kauri santimita 25, da atamfa turmi biyu, ba ƙaramin dannawa ba ne. Idan bai shige ba ya koma fam 194, kuma fam 42 kuɗi ne a wajen ɗalibi.

Baban Ilham:
Idan suka karɓa a ƙofa saboda cikar jirgi, ba sa cajin mutum matuƙar akwatin bai wuce girman da suka yarda ba, ya dai cire fasfo da magani da kwamfuta kafin ya miƙa. Amma a kan ko kayan za su shige, kina da gaskiya, wannan sai shi ya gwada. Ku kuma lura cewa maganar kayan hannu ba ta gama zama ba ko a wajen hukumomi. A 2014 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar da ta shafi kamfanin jirgin sama na Vueling, ta ce ana iya cajin akwatin da ake miƙawa, amma kayan hannu masu matsakaicin girma da nauyi wani ɓangare ne na tafiyar da bai kamata a caje shi ba, sai dai ba ta faɗi santimita nawa ne matsakaici ba. A Nuwamban 2024 gwamnatin Sifen ta ci tarar kamfanoni biyar masu arha jimlar yuro miliyan 179, kuma cajin kayan hannu yana cikin dalilan. Kamfanonin suka garzaya kotu, suna cewa ƙaramar jakar da suke bari kyauta ita ce matsakaicin. Kafin a raba wannan gardama, abin da ke rubuce a kan tikitinka ranar da ka saya shi ne zai yi aiki a ƙofar jirgi.

Ɗan Fagge:
Na gwada da akwatin abokin ɗakina, na auna shi da taya da hannu kamar yadda Maman Sultana ta ce, 55 da 40 da 23 ne. Komai ya shige ban da takalma da kwalin kayan jariri guda, su kuma na ga jakar goyo za ta ɗauke su idan ban cika ta ta kumbura ba. Sai dai yanzu yayana ya kira ya ce matarsa ta haɗa wa Umma saƙo da zan dawo da shi in ajiye har wani mai zuwa Kano ya samu, kuma da na tambaye shi kilo nawa ne sai ya ce ai ba shi da yawa. Shin ana iya sayen akwatin miƙawa na dawowa kawai, ba tare da na zuwa ba?

Baban Ilham:
Ana iya ƙara akwati a tafiya ɗaya kawai, ta shafin da ake duba tikiti bayan an saya, kuma ya fi sauƙi a ƙara shi ta intanet kafin ranar tafiya a kan a kanta. Amma ka sa yayanka ya ɗora saƙon a kan ma'auni ya turo maka hoton lambar kafin ka biya komai, domin idan kilo 5 ne zai shige gurbin atamfa da kayan jaririn da za ka sauke, idan kuwa kilo 18 ne sai mu sake lissafin daga farko.